Malam, Gyara Tambayar Kafin Ka Zargi Ɗalibin

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ɗalibai arba'in a ajin babbar sakandare. Duk wanda ya leƙa makarantar gwamnati a Kano ko Zariya ko Gusau ya san wannan magana a takarda ta tsaya. Aji yakan kai tamanin, casa'in, wani ma ya haura ɗari, yara uku ko huɗu a benci ɗaya, wasu a ƙasa. Malamin da ke gaban irin wannan aji, idan ya ba da jinga ya karɓi littattafai casa'in, ya ce zai ba kowanne minti biyar kacal, zai shafe awa bakwai da rabi yana dubawa. Aji ɗaya ke nan, alhali yana shiga huɗu ko biyar.

A kan wannan nauyi ne wani ya zo ya hau. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, amma a lokacin sai mai data da sanin hanya yake kai wa gare shi. Abin da ya canza lissafi a gidajenmu shi ne shigowar Meta AI cikin WhatsApp a Najeriya a watan Afrilun 2024. Tun daga nan yaro ba ya buƙatar sauke wata manhaja. Wayar yayansa ko ta mahaifiyarsa ta ishe shi: ya rubuta tambayar malam, cikin daƙiƙu amsa ta fito da kanun magana da sakin layi, ya kwafe a littafi da hannunsa. Malamai da yawa suna jin a jikinsu cewa aikin da ke gabansu ba na yaron ba ne, amma ba su da abin nunawa, ba su kuma da lokacin bincike.

Ra'ayina shi ne, malamin babban aji ya daina ɓata ƙarfinsa wajen farautar amsar na'ura bayan an kawo masa ita. Wurin da yake da iko shi ne ranar da yake rubuta tambayar a allo. Idan an gina jinga da kyau, amsar da aka ɗauko daga waya ita za ta nuna kanta, kuma malam zai gan ta cikin rabin minti.

Bari mu fara kawar da abin da wasu suke sa rai a kai, wato manhajojin da ake cewa suna gane rubutun na'ura. Kamfanin OpenAI, wanda ya yi ChatGPT, ya fitar da tasa a Janairun 2023, ya kuma janye ta a Yulin shekarar saboda ba ta dacewa yadda ya kamata. Da bakinsa ya ce kashi 26 cikin ɗari kawai take kamawa na rubutun na'ura, kuma tana ɗora wa rubutun mutum laifi a kashi 9 cikin ɗari. A wannan shekarar ce masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji a kan rubutun ɗaliban da Turanci ba harshen uwa ba ne gare su, suka tarar fiye da rabin rubutun an ce na na'ura ne, alhali mutane suka yi shi. 'Ya'yanmu kuwa su ne ainihin irin waɗannan ɗalibai, masu Turancin makaranta da gajerun jimloli da kalmomin da aka haddace. Ko da manhajar tana aiki ma, jingarmu a littafi take, da biro. Wa zai zauna ya buga littattafai casa'in a kwamfuta don a tantance?

To, ina laifin tambayoyin da muka saba bayarwa? Ɗauki malamin tattalin arziki a aji biyu na babbar sakandare. Ya koyar da yadda buƙatar kaya ke raguwa idan farashi ya tashi, da ma'aunin da ake auna wannan raguwa da shi, wanda ɗalibai suka sani da ilastisiti. Ranar Litinin ya rubuta a allo: a bayyana ma'anarsa, a kawo ire-irensa, a lissafo abubuwa biyar da ke shafarsa. Wannan tambaya amsarta ɗaya ce a Kano da Legas da Landan, an kuma rubuta ta sau dubbai a littattafai. Na'urar da aka horar da rubuce-rubucen duniya, nan ne filinta. Yaron da ya karanta littafinsa da wanda ya kwafa daga waya za su kawo kusan abu ɗaya, malam ba shi da hanyar raba su sai zato. Zato kuwa ba a yanke wa yaro hukunci da shi.

Ga yadda wannan malami zai sake gina jingar, darasin bai canza ba, takarda ɗaya gaba da baya, kashi uku.

Kashi na farko ya tura yaran unguwarsu. A ce ajin layi shida ne, kowane layi mutum goma sha biyar. Layin farko masara, na biyu wake, na uku shinkafa 'yar gida, na huɗu gero, na biyar garin kwaki, na shida manja. Kowane ɗalibi ya sami mai sayar da wannan kaya kusa da gidansu ya yi masa tambaya uku: nawa ne yau, nawa ne a Sallar da ta wuce, kuma idan kaya ya yi tsada me masu saye suke yi? Ya rubuta ranar da ya je, da layin ko kasuwar, da ma'aunin da ake awo da shi. Sannan ya kawo jimla ɗaya daga bakin mai kayan da Hausa, yadda ya faɗe ta. Ba a buƙatar sunan mutumin.

Za a ce ai na'ura tana iya ƙirƙiro duk wannan. Tana iyawa, kuma a nan ne yawan ajin, wanda kullum muke kuka da shi, yake zama abin amfani. Ranar karɓar aiki, monita ya fita ya rubuta farashin kowane layi a allo kamar yadda yara suka kawo. Mutum goma sha biyar a gari ɗaya, a mako ɗaya, suka tambayi kwanon masara, dole farashinsu ya taru wuri guda. A misali, goma sha biyu sun faɗo tsakanin naira 1,400 da 1,600, bambancin unguwa da girman kwano ne kawai. Sai ga ɗaya ya ce naira 450 kilo ɗaya. Abu biyu sun fito nan take. Mai teburin hatsi a unguwa da kwano ko mudu ko tiya yake awo, masu ƙaramin ƙarfi kuma da gwangwani. Na'ura kuwa ta fi saba wa kilo, domin shi ne a rahotannin da ta karanta. Na biyu kuma, farashin da take bayarwa yakan zama tsoho ko na wani gari. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin abinci ya yi hawa da sauka mai yawa, kuma ko manhajar tana iya leƙa intanet, farashin teburin da ke bakin masallacin unguwarku jiya da yamma babu shi a can. Malam bai yi wani bincike ba. Farashin sauran yaran ne ya tona na wannan, a gaban kowa, kuma allon da aka cika ya zama kayan darasin ranar.

Jimlar Hausar ma tana da nata aikin. Mai kaya na gaske zai ce wani abu kamar, "Yanzu mai sayen kwano ya koma rabi, mai rabi ya koma gwangwani," ko ya ce mutane sun bar shinkafa sun koma taliya. Magana ce gajera, mai ƙamshin kasuwa, da karin harshen garin. Hausar da na'ura ke yi takan zo doguwa, a miƙe, kamar an fassaro ta daga rahoton Turanci, mai hatsi yana zancen "masu amfani da kayayyaki" da "matsin tattalin arziki". Kunnen malami Bahaushe ba ya buƙatar horo kafin ya ji bambancin. Ina dai gargaɗi: wannan alama ce da ke sa a kira yaro a tambaye shi, ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

Kashi na biyu lissafi ne, kuma kowane ɗalibi da nasa. Malam ya rubuta: wani ɗan kasuwa ya ɗaga farashin kwano daga naira 1,000 zuwa 1,250. Da yana sayar da kwano 200 a mako. Yanzu cinikinsa ya ragu da ninki biyu na lambarka ta rajista. Nemo ma'aunin, ka faɗi wane iri ne. Mai lamba 17 cinikinsa ya ragu da kwano 34, ya koma 166, raguwar kashi 17 cikin ɗari ke nan. Farashi ya tashi da kashi 25. A raba 17 da 25, amsa 0.68. Mai lamba 40 zai sami 1.6. An zaɓi alƙaluman ne da gangan don malam ya huta: amsar kowane yaro ita ce lambarsa a raba da 25. Duk wanda ke ƙasa da lamba 25, buƙatar kayansa ba ta motsawa sosai. Mai lamba 25 ya faɗo daidai kan ɗaya. Na sama da shi kuwa buƙatarsu mai saurin motsi ce. Malam ba ya buƙatar takardar amsoshi casa'in, kallo ɗaya ya isa. Tsarin yana aiki har lamba 99, idan aji ya haura haka sai na saman su cire hamsin daga lambarsu.

Kada a yaudari kai, ChatGPT zai warware wannan lissafi idan aka ba shi. Amma a duba yadda satar amsa take tafiya a babban aji na makarantar gwamnati. Ba kowane yaro ke da waya a hannu ba. Mutum biyar ko goma ne suke ɗauko amsar da daddare, da safe kafin a buga ƙararrawa littafinsu ya zaga aji, ko a tura hotonsa a zauren WhatsApp. Wannan hanya ce lambar rajista take toshewa. Idan malam ya ga 0.68 a takardar mai lamba 52, ya san daga inda ta fito, har da sunan mai ita.

Wanda ya tambayi na'ura da kansa da lambarsa fa? Shi ma sau da yawa yakan bar sawu. Hanyar da malam ya koyar ita ce a auna canji daga farashin farko da adadin farko. Akwai wata hanyar, wadda ake auna canjin daga tsakiyar alƙaluma biyun, kuma na'ura takan ɗauke ta wani lokaci domin tana da yawa a littattafan jami'a. Da ita, mai lamba 17 zai sami kusan 0.84. Amsar ba kuskure ba ce a ilimin tattalin arziki, amma hanya ce da ba a taɓa rubutawa a allon wannan aji ba. Shi ya sa yake da kyau malam ya rubuta a cikin tambayar cewa a bi hanyar da aka yi a aji, a nuna kowane mataki. Idan yaro ya kawo 0.84, a kira shi ya bayyana yadda ya yi. In ya bayyana, to ya yi karatu fiye da ajinsa, ya cancanci makinsa da yabo a kai. In ya tsaya yana kallon takardar kamar yau ya fara ganinta, an gane.

Kashi na uku shi ne ginshiƙin abin duka, kuma a aji ake yin sa. Ranar karɓar aiki, bayan an cika allo da farashi, malam ya ce kowa ya juya bayan takardarsa, a rufe littattafai, minti goma. Tambaya biyu. Ta farko: ɗan kasuwar nan ya kai farashin naira 1,500 maimakon 1,250, cinikinsa ya ragu kamar yadda ka lissafa a gida, sake nemo ma'aunin. Yanzu tashin farashi kashi 50 ne, don haka amsar kowa lambarsa ce a raba da 50, mai lamba 17 ya sami 0.34. Ta biyu: daga abin da mai kayan unguwarku ya faɗa maka, kayan layinku buƙatarsa mai saurin motsi ce ko a'a, kuma me ya sa? Jimla biyu sun isa. Ko su huɗu ne a benci, leƙen na kusa ba zai amfani kowa ba, tunda lambobinsu daban.

Yaron da ya yi aikin gida da kansa zai gama wannan kafin minti goman su cika, domin abin da ya yi jiya ne aka canza wa lamba ɗaya. Wanda ya kwafa zai maƙale. Malam kuma idan ya zauna dubawa, gaba da baya kawai yake kwatantawa, ya kasa takardun uku. Kashi ɗaya, gaba daidai baya daidai, a ba da maki a wuce. Kashi na biyu, gaba da kuskure baya da irin kuskuren, wannan yaro ne mai gaskiya da bai gane ba, shi ne ya fi kowa buƙatar malam. Kashi na uku, gaba tsaf kamar littafi, baya fari fat ko shirme. Rabin minti a kowace takarda, casa'in sun ƙare cikin minti arba'in da biyar. A kwatanta da awa bakwai da rabi.

Rabon maki shi ne zai sa yara su ɗauki abin da gaske. In jingar maki goma ce a cikin makin gwajin zango, ina ganin a ba kashi na farko na jingar biyu, na biyu biyu, na aji shida. Kuma a faɗa musu wannan tun ranar Litinin, a rubuce a allo. Ba na goyon bayan dabarun ɓoye da wasu ke yabawa, irin su saka sunan littafin da babu shi a cikin tambaya don a ga ko na'ura za ta ƙirƙiro bayani a kansa. Manhajojin suna ƙara wayo, tarkon da ya kama bara ba lallai ya kama bana ba, kuma yaro mai gaskiya zai kwana yana neman abin da malaminsa ya san babu. Ranar da ya gane, amana ta tafi. Tsarin da na kawo ba ya buƙatar sirri. Yaron da ya san za a juya takarda ranar karɓar aiki, ko ya tambayi na'ura da daddare, dole ya tsaya ya fahimci abin da ta ba shi. Idan kuwa ya fahimta har ya iya yi ba waya a hannunsa, ni ban ga abin da malam ya rasa ba. Abin da ake nema ke nan tun farko, kuma shi ne zai tsaya masa ranar WAEC da NECO.

Sai maganar 'yan kashi na uku na takardun da malam ya kasa, domin nan ne malami nagari yake iya yin zalunci bai sani ba. Takarda mai kyau a gaba da fari a baya ba kullum take nufin waya ba. Wani yayansa ne ya yi masa, wani malamin lesin ne, wata kuma ta iya amma ta firgita da aka ce minti goma. Kada a kira sunan kowa a gaban aji, kada a ce "na'ura ta yi maka". A kira su ɗaya bayan ɗaya, minti biyu kowanne, a ce: nuna mini yadda ka sami wannan lambar. Ina teburin mai waken yake, da me yake awo? Wanda ya je zai amsa ba tare da tunani ba. Wanda ya kasa, ya rasa makin da ya rasa, a ba shi dama ya sake. Kyawun Turanci shi kaɗai kada ya taɓa zama dalilin zargi. Akwai yaran da suke karatu sosai, kuma babu abin da ke kashe wa irin wannan yaro gwiwa kamar a ce masa aikinsa ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma waɗanda kashi na farko na jingar zai yi wa wuya ba don lalaci ba. Yarinyar da ba a barinta zuwa kasuwa, a yarda ta tambayi mahaifiyarta ko maƙwabciyar da ke sayar da kayan miya a cikin gida, su ma sun san farashi sarai, wataƙila fiye da kowa. 'Yan makarantar kwana su tambayi mai shagon makaranta ko masu dafa abinci. Kada a ce a kawo hoto ko murya a waya a matsayin shaida, domin hakan hukunta marar waya ne a kan talaucin gidansu.

Na tsaya a kan darasi ɗaya ne don a ga abin dalla-dalla, amma sauran darussa ba su gagara ba. Malamin Turanci ko na Hausa ya sa a rubuta sakin layin farko na insha'i a aji, ya bi layi ya sa hannu a ƙarƙashinsa, a ƙarasa a gida. Idan muryar sama da ta ƙasa suka bambanta, zai ji. Malamin bayoloji ya ce a tsinko ganye a liƙa a takarda, a zana shi, a auna tsawonsa da rula. Malamin lissafi da na fizis kuwa, lambar rajista tamkar don su aka yi ta.

Na san abin da malami zai ce: shirya irin wannan tambaya yana cin lokaci, ga minti goma da za a yanka daga darasi mai minti arba'in, ga manhajar karatu da ba ta ƙarewa. Gaskiya ne. Zaɓen alƙaluman da za su ba da amsa mai sauƙin dubawa yana buƙatar zama na rabin awa ko fiye. Amsata ita ce a rage yawan jingar. Uku irin wannan a zango sun fi goma da ake kwafa, a duba su da jan biro ba a karanta ba. Tambayar da aka gina sau ɗaya kuma tana yi wa duk azuzuwan shekarar aiki, baɗi ma lambobi kawai za a canza.

Wannan ba aikin malami shi kaɗai ba ne. A makarantu da yawa ana auna ƙwazon malami da yawan jingar da aka gani a littattafan yara, sai ya zama wanda ya ba da uku masu ma'ana shi ne za a tuhuma. Ina kira ga shugabannin makarantu da masu duba aikin malamai su sassauta wannan ƙidaya, su yarda a ba aikin da aka yi a gaban malam kaso mafi girma na makin jinga, su kuma ware wa malaman kowane fanni zama ɗaya a farkon zango don su gina tambayoyin tare. Kai kuma malam, kada ka jira takarda daga sama. Jingar da za ka bayar mako mai zuwa, saka lambar rajista a cikinta, ka faɗa wa yaran tun ranar cewa za a juya takarda a aji.